Sunan da Mma ba ta faɗa

Hoton takardar ya shigo wayata da hantsi, ina cikin shagona a unguwar Maamobi ina ninke mayafai. Ƙanwata ce ta turo daga Kumasi, inda take zaune tare da mahaifiyarmu. Sai ta biyo shi da saƙon murya: "Mma ta ce ki nemi wanda zai juya wannan zuwa Larabci, a aika wa matar Yaya. Ta ce kada a rage, kada a ƙara."

Na zauna a kan benci na buɗe hoton. Takarda ce da aka yago daga littafin 'yan makaranta, cike da rubutun ajami na Mma, layukan suna gangarowa ƙasa kamar sun gaji. Na san abin da ya sa ta rubuta.

Yaya shi ne ɗan farin Mma. Tun yana saurayi ya tafi karatu Masar, ya zauna can yana koyarwa, ya auri Balarabiya, suka haifi namiji da mace. Duk lokacin da suka kira mu ta bidiyo shi ne tafinta. Matarsa ta yi magana ya juya mana, Mma ta yi addu'a ya juya mata, yaran su ɗaga hannu su gudu. Ba mu taɓa tunanin cewa duk zumuncin nan a bakin mutum ɗaya yake tafiya ba, sai da ciwon zuciya ya ɗauke shi, aka binne shi can.

Ranar rasuwar ina Kumasi. Matarsa ta kira tana kuka, tana kiran Mma yadda ta saba, wato "Ummu" sannan sunan Yaya, ma'ana uwar wane. Mma tana zaune a tabarma da carbi. Ta dubi wayar, ta ce, "Allah ya jiƙan Musulmi," ta kawar da fuska gefe. Mu da muka san ta mun ga yadda yatsunta suka tsaya cak a kan carbin. Wadda ke cikin waya kuwa tsohuwa kawai ta gani ta juya mata ƙeya.

Bayan haka muka riƙa gaisawa da ita da hotunan addu'a da alamar zuciya, abin da ba ya buƙatar harshe. Da takabarta ta kusa ƙarewa sai ta turo mini rubutu mai tsawo. 'Yata ta sa shi a abin fassara na waya, ya fito a karkace, amma mun gane abu biyu. Na farko, idan ta fita takaba za ta bar gidan hayar ta koma garin mahaifinta da yaran, wani wuri nesa da Alƙahira wanda ba mu ma iya faɗar sunansa ba. Na biyu, ta ce ta daɗe da sanin uwar mijinta ba ta yi farin ciki da aurensu ba, kuma ranar mutuwarsa ta tabbatar, tunda ko sunansa ba ta kira ba. Daga nan na riƙa tura gaisuwa ba amsa.

Lambar waya ɗaya ce tsakaninmu da 'ya'yan Yaya. Ba mu san gidan kowa ba a ƙasar nan, ba mu jin harshensu. Idan ta sake layi, ko 'yan'uwanta maza suka ce ta rabu da mutanen da ba su damu da ita ba, shi ke nan yaran sun tafi. Na daɗe ina ɓoye wa Mma saƙon, amma ƙanwata ba ta iya riƙe magana. Mma ta ji. An ce mata ta yi magana a waya a naɗa a aika wa matar, ta ƙi. Sai ga takarda.

Ni karatun boko na yi, shi ma da girmana, a ajin manya da ake yi mana da yamma bayan na yaye autana. Ajami kuwa sai dai in tsinci baƙi ɗaya ɗaya. Mma a zauren mahaifinta ta koya, kuma a wurinta magana mai nauyi a takarda ake sa ta.

Akwai wata malama a unguwar Kanda da ke koyar da Larabci a islamiyyar mata. Ta yi karatu a ƙasar Larabawa, kuma 'yar gidan malamai ce, ta tashi da ajami. A shekaru ƙanwa take a wurina, Anti take ce mini. Na rufe shago bayan azahar na hau trotro, motar haya, na riƙe wayar a cikin jaka da hannu biyu, kamar takardar kanta ce a ciki.

Na same ta a baranda tana duba littattafan ɗalibai. Ta karɓi wayar, ta ja hoton da yatsu biyu, ta karkata kai.

"Anti, wa ya ɗauki wannan? Rabinsa inuwar kansa ce, rabi kuma babban yatsa. Ga layin ƙarshe ma an yanke."

Na kira ƙanwata. Malama ta karɓi wayar ta yi mata bayani da kanta: ta fita tsakar gida inda ba rana kai tsaye, ta shimfiɗa takardar a kan faranti, ta danne gefunan da cokula, ta ɗauki sama daban, ƙasa daban. Ƙanwata ta ce, "Yoo, Malama, yau na zama mai hoto." Muka jira. Ina jin kiran mai pure water a titi.

Da sababbin hotunan suka zo, Malama ta yi murmushi. Ta nuna mini yadda Mma take sa wa harafin fa ɗigo a ƙasa, ƙaf kuma ɗigo ɗaya a sama, irin rubutun allo. Ta ce matar Yaya za ta ga baƙaƙen da ta sani, amma ba za ta iya karanta kalma ɗaya ba. A layukan farko Mma ta sa wasali tsaf, daga tsakiya ta daina, da alama hannu ya gaji. Don haka muka raba aiki. Ita ta karanta da ƙarfi a hankali, ni in rubuta da boko, in ta yi tuntuɓe in faɗa mata yadda Mma take magana. Sai mun gama mun yarda da Hausar kafin ta taɓa Larabci.

Ga yadda ta fara:

"Daga uwarki zuwa ga 'yata ta cikina, sanyin idona, uwar jikokina, mai gidan da ban taɓa shiga ba. Gaisuwa mai yawa da so da yarda da aminci. Ina gajiya, yaya haƙuri, yaya takaba. Yaya maigidana ƙarami, yaya ƙawata."

Alƙalamina ya tsaya. Ni da Mma ta haifa ba ta taɓa ce mini sanyin idona ba.

Malama ta ci gaba: "Bayan haka, maigidanki ya riga mu. Wanda kika rufe wa ido, ni na fara ganin ya buɗe su. Ke kika san furfurarsa, ni a waya na gan ta. Kin ciyar da shi shekarun da hannuna bai kai ba, Allah ya ciyar da ke. Abin da ya rage mini nasa yana hannunki. Duk inda za ki, ki bar mini ƙofa, ko da ƙarama ce." Sauran addu'o'i ne, ga mahaifinta, ga mahaifiyarta, ga 'yan'uwanta maza, kowa da tasa.

Malama ta jawo farar takarda. Farkon bai ba ta wahala ba. 'Yata ta cikina ta zama "ibnatil ghaliya", wato 'yata mai daraja, ta ƙara abin da ke nuna kamar ita ta haife ta. Sanyin idona ta ce suna da shi daidai, "ƙurratu aini". A "yaya haƙuri" ta tsaya. Ta ce su ba sa tambayar mai makoki haka, addu'a suke yi masa, Allah ya girmama ladanki. Na ce mata a wurin Mma tambaya ce, so take a amsa mata, kuma amsar ce muke nema. Sai ta rubuta addu'ar, ta bi ta da tambayar yadda zuciyarta take da haƙuri.

A "maigidana ƙarami" ta yi dariya. "Idan na rubuta mijina, kawunnan yaron nan za su ce mutanen Ghana sun haukace. Su kaka ba ta wasan aure da jika." Ta gwada wannan, ta goge, ta gwada wancan, daga ƙarshe ta sa abin da ta ce suna faɗa wa ƙaramin yaro cikin wasa da so: ɗan namijin gidanmu. Ta juyo mini shi da Hausa, na ce Mma za ta yarda da wannan.

Sai ta ajiye alƙalami.

"Anti, dubi takardarki. Sau nawa ta ce ɗana?"

Ban buƙaci dubawa ba. "Ba za ta ce ba. Ɗan fari ne."

"Na sani. Tawa uwar ma har yau 'wannan yarinyar' take ce mini. Amma matar nan ba ta sani ba. A Hausa, maigidanki kunya ce. A Larabci in na rubuta 'zaujuki', mijinki ke nan kawai, kamar maƙwabciya ce ke ta'aziyya. Uwa Balarabiya za ta ce ɗana, masoyina, tsokar hantata, ta kira sunansa har takarda ta jiƙe. Kuma abin da matar nan take ƙorafi a kai ke nan."

Na ce, "To yaya za a yi?"

"Ko wajen kiran matar ita kanta, girmamawa a wurinsu a ce uwar wane, da sunan ɗanta."

"Sunan Baba ne da yaron. Mma ba ta faɗar sunan mijinta."

Malama ta dafe goshi. "Gidanku akwai wanda ake kiran sunansa kuwa?" Muka yi 'yar dariya, amma tawa ba ta kai ciki ba. Ta ce wannan mai sauƙi ne, tunda Mma ta rubuta uwar jikokina, zai tsaya a madadinsa. Na Yaya ne matsalar.

"Ba ƙarya zan yi ba, Anti. Ɗanta ne, kuma tana son sa. Aikin mai fassara ya kai abin da ake nufi. Idan so a nan shiru ne, a can kuma faɗa ne, in na kai shirun kawai ban kai son ba. Kalma biyu zan sa, 'ibnil habib', ɗana abin ƙauna. Ina ganin su za su buɗe ƙofar nan."

Maganarta gaskiya ce, kuma na so in ce ta sa. Wa zai sani? Mma ba ta jin Larabcin wasiƙa. Na tuna fuskar yaron, goshinsa irin na Baba sak, na tuna yarinyar da ke ɓuya a bayan labule tana leƙen mu. Kalma biyu, a kan yara biyu. Amma na tuna saƙon ƙanwata, kada a rage, kada a ƙara. Kuma na hango wata rana matar ta kira, ta ce cikin murna, kin ce masa ɗana abin ƙauna, wani ya juya wa Mma. Me zan ce mata ranar?

Na ce bari mu tambaye ta.

Ƙanwata ta kai mata wayar. Na gaishe ta, na tambayi ƙafarta, na yi ta kewaye kamar yarinya. Sannan na ce, "Mma, Malama ta ce a can, in uwa ba ta ce ɗana ba, sai a ga kamar ba ta damu ba. Ko za ki yarda a sa?"

Ina jin kaji a tsakar gidanmu, da rediyon maƙwabta.

"Shekarun da yake da rai ban faɗa masa ba," in ji ta a hankali. "Yanzu da ba ya ji zan faɗa wa takarda? Ku rubuta abin da na rubuta."

"Mma, yaran fa."

"Na san yaran." Ta miƙa wa ƙanwata wayar.

Na zauna da wayar a cinya. Malama ta zuba mini ruwa. Na ji haushin Mma a ranar, haushin da ban taɓa ji ba, kuma na ji tausayinta a tare. Aka kira la'asar a masallacin unguwa, muka tashi muka yi salla.

Da na sallame ne na ce, "Malama, ita ba za ta faɗa ba. Ni fa? Ni ba a hana ni ba."

Ta dube ni, ta jawo wata takardar. "Wannan ya halatta. Amma zan rubuta a sama cewa daga 'yar'uwar mijinki ce, ba ya cikin wasiƙar. Kada maganar wani ta shiga ta wani."

Wasiƙar Mma ta tafi da "zaujuki" yadda take. Sai dai Malama ta daɗe a kan layin rufe ido da buɗe ido, tana faɗarsa a baki, tana sauya wurin kalma, har sai da ya zauna mata. Ta ce, "Idan akwai abin da zai nuna mata uwa ce ta rubuta, wannan ne."

Nawa bayanin ban iya tsara shi ba, faɗa kawai na yi tana rubutawa. Na ce a wurinmu uwa ba ta kiran sunan ɗanta na fari, ba ta yaba shi a gaban mutane, ba ta kuka a kansa inda za a gani. Na ce tun da na yi wayo ban taɓa jin sunan Yaya a bakinta ba, "yayanku" take cewa, ko "wancan na Masar". Ranar da zai tafi ba ta raka shi tasha ba, ta zauna tana daka, amma ba ta ci abinci ba sai washegari. Allonsa na ƙuruciya yana rataye a ɗakinta har yau, ba ta bari a taɓa. Na ce duk kalmomin so da kika gani a farkon wasiƙar nan, ba ta taɓa faɗa wa ɗayanmu ba. Na ce yaron ma ba za ta kira sunansa ba, don sunan mijinta ne, girmamawa ce.

Malama ta karanta mini duka biyun, tana mayar da Larabcin Hausa jimla jimla, ina bi da yatsa a takardata. Sannan ta buga su a wayata. Muka tura wa matar Yaya hoton rubutun Mma da farko, don ta ga hannunta, sai fassarar, sai nawa. Alama ɗaya ta fito, can ta zama biyu, masu toka.

A trotro na duba, a shago na duba. Washegari da safe na ga sun zama shuɗi. Ta karanta. Ba ta ce komai ba.

Kwanakin da suka biyo baya ban san yadda na yi ciniki ba. Wata ta tambayi baƙin mayafi na miƙa mata ruwan ƙasa. Duk ƙarar da waya ta yi sai in duba in ga saƙon ƙungiyar biki ne. Na riƙa cewa a raina da na bar Malama ta sa kalmomin nan. Wataƙila bayanina ya yi kama da kare uwa. Wataƙila 'yan'uwanta ne suka karanta. Ƙanwata ta ce Mma ba ta tambaya, amma duk lokacin da waya ta yi ƙara sai ta daina abin da take yi.

Ranar wata Laraba saƙon murya ya shigo daga matar Yaya, mai tsawo. Na saurara a shago, ban gane komai ba sai sallama da kuka, kuma kuka yana iya zama na kowane abu. Na bar wa maƙwabciyata shagon na tafi Kanda. Malama tana aji. Na tsaya a bakin taga har ta hango ni ta fito, da alli a hannunta.

Ta kara wayar a kunne. Larabcin Masar ne na baki, ta ce, sai ta maimaita wani wuri. Ina kallon fuskarta kamar mai jiran likita.

"Ta ce ta karanta wa mahaifiyarta, suka yi kuka tare a wajen rufe ido. Ta ce mijinta bai taɓa gaya mata wannan al'ada ba, in ta tambaye shi me ya sa uwarsa ba ta sakin jiki da shi, dariya kawai yake yi. Ta ce tafiya ba fashi, ba za ta iya riƙe gidan ita kaɗai ba. Amma ga lambar mahaifinta da ta babban wanta za ta turo, kuma ran Juma'a za ta sa yaran su kira."

Na jingina da bango. Sannan na zauna a kan dakali.

"Saura, Anti. Tana cikin damuwa. Ta ce shekara da shekaru tana kiran Mma da sunansa, a gabanta, har ranar mutuwarsa. Tana tambaya ko tana yi mata ciwo ne ba ta sani ba. Ta ce a gaya mata yadda ya dace ta kira ta."

A nan bakin ajin na kira Kumasi. Na faɗa wa Mma komai, na bar tambayar a ƙarshe. Na ce, "Sai mu ce ta riƙa ce miki Mma, kamar mu."

Na jira, Malama ma ta jira, ɗalibanta suna leƙowa ta taga.

"A'a," in ji Mma. "Ta ci gaba da kirana yadda take kirana. Ita ba a hana ta ba, kuma ina son jin sa."

Malama ta goge allin hannunta a gefen hijabi, ta karɓi wayar, ta tambaye ni ko a rubuta ne ko a faɗa da baki. Na ce ta rubuta, kuma ta sa shi yadda Mma ta faɗa.